Yadda za ka gwada mai neman aikin akawu kafin ganawa ba tare da ka ci guminsa ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ma'aikaci ya san takarda ba ta nuna hannun mutum. Wani zai zo da difloma a fannin lissafin kuɗi, ya rubuta cewa ya ƙware a Excel, a wajen ganawa kuma bakinsa ya yi zaƙi, sai an ba shi littafin ciniki na mako guda a ga inda gizo ke saƙa. Shi ya sa masu ɗaukar aiki da yawa suke ba da ɗan aikin gwaji kafin su kira mutum ganawa. Dabara ce mai kyau, kuma bincike ya goyi bayanta. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka sa gwajin aiki a sahun gaba wajen hango wanda zai iya. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake duba lissafin, suka rage wa gwajin aiki maki, suka ɗora ganawa mai tsararrun tambayoyi a sama da shi. Ke nan gwaji yana da amfani, amma bai isa shi kaɗai ya yanke hukunci ba, don haka babu dalilin da zai sa a mayar da shi babban aiki.

Matsalar da ta fi damuna ita ce yadda wannan dabara take rikiɗewa ta zama cin gumi. Mai neman aiki yana cikin rauni, ba zai iya cewa a'a ba. Idan ka ce masa ya gyara maka lissafin wata uku "don mu ga ko ka iya", zai kwana yana yi, ya sayi data, ya biya kuɗin caji, kuma mai yiwuwa ba zai sake jin ɗuriyarka ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne: gwajin da ba za ka biya ba dole ya zama gajere, kuma ya zama abin da ba zai amfane ka da komai ba sai sanin gwanintar mutumin. Da zarar ya wuce haka, aiki ne, kuma aiki yana da lada.

Zan bi da kai ta misali guda har ƙarshe. A ce kana da shagon sari na kayan masarufi a kasuwar Singa a Kano, kana sayar da shinkafa da taliya da mai da sukari, kana kuma neman akawu da zai riƙe maka lissafin ciniki da bashi a kwamfuta, a kan albashin naira 150,000 a wata.

Fara da abin da kake tsoro

Kafin ka tsara gwaji, zauna ka tambayi kanka: wane kuskure ne idan akawuna ya yi zai jawo mini asara? A shagon sari amsar ba ta da nisa. Ana shigar da ciniki sau biyu ko a tsallake shi. Abokin ciniki yana turo kuɗi ta tiransifa, abin da ya shigo bai yi daidai da rasit ba, kuma ba wanda ya lura. Ana bin mutum bashi, amma ba a san takamaiman nawa ba. Sai kuma na ƙarshe, wanda mutane suke mantawa: akawu ya ga matsala amma ya kasa yi maka bayaninta a taƙaice yadda za ka gane kana tsaye a bakin sito.

Waɗannan su ne abin gwadawa. Ba ruwanka da ko ya iya zana jadawali mai launi, ko ya haddace ma'anar kalmomin da aka koya masa a makaranta. Amana da haƙuri da iya zama da mutane ma ba a gane su a fayil, wannan aikin ganawa ne da tambayar waɗanda suka san shi. Idan ka cusa komai cikin gwaji guda zai kumbura, kuma daga nan zalunci yake farawa.

Haɗa fayil na ƙirƙira

Kada ka ɗauko littafin cinikinka na gaskiya. Dalili biyu ne. Na farko, a ciki akwai sunayen abokan cinikinka da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su, kuma raba wannan ga baƙi tona asiri ne, ga shi Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Na biyu, idan lissafin gaskiya ne, duk abin da mai neman aikin ya gyara kai ne ka amfana, ko ka ɗauke shi ko ba ka ɗauke shi ba.

Buɗe sabon fayil ka rubuta layi 40 na cinikin mako guda da ka ƙirƙira. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, lambar rasit, abokin ciniki, irin kaya, adadi, jimillar kuɗi, da abin da aka biya, tare da nuna ko tsabar kuɗi ne ko tiransifa. Abokan ciniki shida sun isa, ka kira su Dila 1 zuwa Dila 6. A shafi na biyu ka sa jerin kuɗin da suka shigo banki a wannan makon, kamar guda goma sha biyu.

Yanzu ka dasa kurakurai uku da gangan, irin waɗanda suke faruwa kullum.

Na farko mai sauƙi ne: ka maimaita layi guda, rasit mai lamba ɗaya ya fito sau biyu, amma kada su yi maƙwabtaka. Sa ɗaya a layi na 9, ɗaya a na 31.

Na biyu shi ne juyewar lamba. A shafin ciniki ka rubuta cewa Dila 4 ya biya 485,000 ta tiransifa, a shafin banki kuma abin da ya shigo ya zama 458,000. Bambancin 27,000 ne. Akawun da ya goge ya san cewa idan bambanci ya rabu da tara ba saura, abu na farko da za a yi zargi shi ne an juya lambobi biyu wajen rubutu. Amma abin da kake nema ya wuce ganowa. Kana so ka ga me zai yi da shi. Mai hankali ba zai gyara lambar da kansa ya yi shiru ba, domin bai san wanne ne daidai ba: ko mai rubutu ne ya yi kuskure, ko dilan ne ya turo kuɗin da bai cika ba. Zai rubuta maka cewa a duba rasit a kuma tuntuɓi dilan. Wanda ya canza lamba shiru don lissafi ya daidaita, ko da jimillarsa ta fito tsaf, ya nuna maka halin da zai cutar da kai nan gaba.

Na uku ya shafi kwamfutar kanta. Ka rubuta ɗaya daga cikin kuɗaɗen da alamar ɗauri a gabansa, kamar `'120000`. Excel zai ɗauke shi rubutu ne, kuma `SUM` zai tsallake shi ba tare da gargaɗi ba, jimilla ta ragu da 120,000. Mai lura zai ga lambar ta jingina hagu alhali 'yan'uwanta suna dama, ko ya ga ɗan koren tabo a kusurwar gurbin, ko ya gwada da wannan, a ce lambar tana gurbin F17:

```
=ISNUMBER(F17)
```

Idan ta ba da `FALSE`, ya kama ta.

Uku sun isa. Na san akwai sha'awar ƙara tarko, amma idan ka sa goma kana gwada wanda ya fi samun lokaci ne, kuma hakan ba shi ne abin da kake nema ba.

Sai tambayoyin, su ma kaɗan: nawa ne jimillar cinikin makon, nawa ake bin kowane dila, sannan ya rubuta wa maigida bayani da bai wuce layi biyar ba, da Hausa ko da Turanci, kan duk abin da bai gamsu da shi ba a cikin fayil ɗin. Kada ka tilasta masa hanya. Wani zai yi amfani da `SUMIF`, wani zai jera dilolin ya tara da hannu. Idan amsa ta fito daidai, hanyar abin tattaunawa ce a ranar ganawa.

Auna lokacin da agogo

Maigida kusan kullum yana raina tsawon gwajin da ya tsara, saboda ya san amsar. Ba wa wani da ya san aikin, ko akawunka na yanzu ko na maƙwabcinka, ya yi shi kana duba agogo. Abin da ya ɗauke shi, ka ninka sau biyu, domin baƙo bai san tsarin fayil ɗinka ba, kuma yana aiki da fargaba. Idan gwanin ya gama a minti 25, ka ce wa masu nema minti 50 zuwa awa guda. Idan ya ɗauke shi minti 50, gwajin ya yi yawa, rage layuka ko ka cire tambaya guda.

Awa guda ita ce iyakar da nake ganin za a iya nema kyauta da lamiri mai tsabta. Ba doka ce ta faɗi haka ba, ra'ayina ne, kuma dalilina shi ne awa guda ba ta wuce lokacin da mutum zai ɓata a zuwa ganawa da dawowa ba. Ka kuma faɗa musu ƙarara cewa wanda ya cika awa bai gama ba ya tsaya ya turo abin da ya yi. Idan ba ka faɗi haka ba, wanda ba shi da aiki zai ba shi awa shida, wadda take da aiki da yara kuma ta ba shi minti arba'in, sannan ka zo ka gwama su kamar sun tashi daga layi ɗaya.

Kada ka tura wa kowa

A ce mutum 60 sun nemi aikin. Idan ka tura wa dukkansu, ka ci awa 60 na rayuwar mutane, wato sama da kwana bakwai na cikakken aiki, don kujera guda. Kuma kai ma ba za ka duba fayil 60 da kyau ba. Fara tacewa da takardunsu, ka fitar da takwas waɗanda da gaske kake tunanin ɗauka. Su ne za su yi gwajin, huɗu daga cikinsu su zo ganawa. Ta haka duk wanda ya ba ka awarsa ya san yana da dama ta gaske.

A faɗi maganar gwajin tun a sanarwar neman ma'aikaci, tare da albashin ko iyakarsa. Babu adalci a sa mutum ya yi gwaji, ya zo ganawa, sannan ya ji albashin da da ya sani tun farko da bai nema ba.

Wuta, kwamfuta da data

Nan ne gwajin da yake da kyau a takarda yake zama rashin adalci a ƙasa. Matashin da ya gama kwaleji kuma ya iya aikin yana iya zama ba shi da kwamfutar kansa. Zai je shagon kwamfuta ya biya kuɗin awa, ko ya ara, ko ya jira a kawo wuta. A shagonka kuwa kai za ka ba shi kwamfuta, don haka mallakarta ba ta cikin abin da kake gwadawa.

Ba da zaɓi. Wanda yake so ya yi a gida, ka ba shi kwana uku da suka haɗa da Asabar ko Lahadi ya zaɓi awarsa. Wanda ba shi da kayan aiki, ya zo ofis ko shago ya yi a kwamfutarka a lokacin da kuka shirya, ka ba shi kuɗin mota. Idan mace ce, ka tanadi wurin zama da ya dace da rana tsaka, kada ya zama bayan an tashi kasuwa. Kada ka tura gwaji da daddare ka ce kana jira da safe, kada ka sa wa'adi ya faɗo lokacin sallar Juma'a ko jajibirin Sallah. Ka kuma sa layi guda a saƙonka cewa duk mai buƙata ta musamman, kamar raunin gani, ya sanar da kai a gyara masa tsari ko a ƙara masa lokaci.

Ga irin saƙon da za ka iya turawa:

"Assalamu alaikum Malama. Mun duba takardunki, kina cikin mutum takwas da muka zaɓa. Kafin ganawa muna da ɗan gwaji da ba zai wuce awa guda ba. Lissafin da ke cikin fayil ɗin ƙirƙirarre ne, ba za mu yi amfani da aikinki a kasuwancinmu ba. Idan awa ta cika ki tsaya ki turo abin da kika yi, ko ba ki gama ba. Za mu duba daidaiton jimilla, da lura da kurakurai, da yadda kika yi bayani. Muna jira zuwa ranar Litinin da ƙarfe 4 na yamma. Idan kin fi son ki yi a ofishinmu, ki sanar da mu. Za ki ji daga gare mu ranar Alhamis in sha Allahu, ko an zaɓe ki ko ba a zaɓe ki ba."

Lura cewa saƙon ya faɗi abin da za a duba. Wannan bai ɓata gwajin ba. Sanin cewa akwai kurakurai daban yake da iya gano su.

Yaushe ya zama dole ka biya

Yi wa kanka tambaya biyu. Gwajin ya wuce awa guda? Zan iya ɗaukar abin da mutumin ya yi in yi amfani da shi gobe? Idan ɗaya ta zama eh, ka biya, kuma ka faɗi kuɗin kafin a fara. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ban ga inda kiran aiki da sunan gwaji ya fitar da shi daga wannan ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki albashin kujerar ka raba da awannin wata. Kwana 22 sau awa 8 ya ba da awa 176, kuma 150,000 a raba da 176 ya kama kusan naira 850 a awa. Don kwatance, mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka kafa a 2024, naira 70,000, ya kama kusan 400 a awa a wannan lissafin, to kada ka taɓa sauka ƙasa da haka. Gwajin awa biyu ya zama 1,700, ka ƙara na data da mota ka cike shi 3,000. Mutum takwas, 24,000 ke nan. Ka gwama da abin da akawu mara lura zai ɓatar maka a tiransifa guda irin ta Dila 4.

A biya kowa da ya turo aiki, har wanda bai ci ba, kuma a biya a makon. Ko da gwajin gajere ne na kyauta, tura ɗan kuɗin data alheri ne da mutane ba sa mantawa. Abin da bai halatta ba ko kaɗan shi ne akasin haka, wato karɓar kuɗi daga mai neman aiki da sunan kuɗin fom ko na gwaji.

Akwai wani salo da ya zama ruwan dare: "zo ka yi mana mako biyu mu gani." Mako biyu a kan littafin gaskiya rabin wata ne na aiki, kuma ladansa rabin albashi ne. Idan bayan ganawa ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin mutum biyu, kira kowannensu yini guda, ka biya shi kuɗin yini, wato kusan 6,800 a wannan albashin, da abincin rana.

Dubawa

Rubuta takardar maki kafin fayil na farko ya iso, domin idan ka jira sai ka ga amsoshi, zuciyarka za ta karkata ga wanda ka riga ka so. Maki 20 sun wadatar: 5 na jimillar ciniki, 5 na bashin diloli, 6 na kurakurai uku, 4 na bayanin da aka yi wa maigida. A kan juyewar lambar, ka ba da maki guda na ganowa, guda na kawo rahoto maimakon gyarawa a ɓoye.

Sa wani ya cire sunaye ya maye su da lambobi kafin ka duba. A garuruwanmu kusan ba a rasa wanda aka yi wa magana a kansa, ɗan aboki ko ƙanin maƙwabci, kuma cire suna yana kare ka daga kanka, yana kuma ba ka amsar da za ka ba mai roƙo ba tare da kunya ba. Idan da hali, mutum biyu su duba kowa daban, sannan ku tattauna inda makinku ya yi nisa da juna.

Sakamakon kansa zai gaya maka lafiyar gwajin. Idan duka takwas sun ci 19 ko 20, ya yi sauƙi, bai raba kowa ba. Idan ba wanda ya kai 10, ko rabinsu sun fahimci tambaya guda a karkace, laifin yana ga rubutunka, kuma ya kamata ka cire wannan tambayar daga maki. Idan mutanen kirki suna janyewa bayan sun ga fayil ɗin, ya yi tsawo ko wa'adin ya yi kusa.

Za ka ce, idan wani ne ya yi masa fa? Yana faruwa. Maganinsa minti goma ne a ranar ganawa. Buɗe fayil ɗinsa a gabansa ka ce ya nuna maka yadda ya fitar da bashin Dila 2. Sannan ka canza lamba guda, ka ce Dila 2 ya ƙara biyan 50,000, ya gyara. Wanda ya yi da hannunsa zai yi nan take, har ya gaya maka inda ya sha wuya. Wanda aka yi wa zai tsaya yana kallon allo. Da wannan ba ka buƙatar sa ido a kan kowa kamar ɓarawo.

Waɗanda ba a zaɓa ba

Ka yi alkawarin ranar Alhamis, to ranar Alhamis kowa ya ji. Mutum huɗu ne kawai, kuma takardar maki tana gabanka, don haka layi biyu ga kowane ba zai ɗauke ka minti goma sha biyar ba. Misali: "Malam, mun gode da lokacinka. Lissafin bashin diloli da ka yi ya fito daidai, amma ba ka gano rasit ɗin da aka maimaita ba, wanda ya sa jimilla ta haura. A wannan karon ba za mu ci gaba da kai ba." Wannan shi ne abin da ya samu a madadin awarsa, kuma zai amfane shi a wurin da zai nema na gaba.

Bayan an ɗauki ma'aikaci, goge fayilolin sauran da takardunsu, sai wanda ka nemi izininsa ka ajiye don wata dama. Idan za ka sake ɗaukar akawu bana ko baɗi, canza lambobin da wuraren kurakuran, domin fayil ɗin da ya shiga WhatsApp na mutum takwas ya riga ya zagaya.